Hoton allo daban, tambari daban: yadda za ki rubuta wa mai zane gyaran da kike so

*Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon turaren wuta da humra a Titin Gidan Zoo, Kano. Allon shagona ya tsufa, wanda ya yi mini shi kuma ya bar gari. Na ɗauki hoton allon da wayata na tura wa wani yaro mai zane da ke aiki daga gida, na ce ya gyara tambarin ya fito sosai, ya ƙara girman sunan, ya gyara kalar da ta koɗe. Tambarin kasko ne mai ruwan gwal da hayaƙi, a kan makuba, sunan kuma ya ƙare da kalmar Ƙamshi. Sau uku yana turowa: kaskon ya koma tukunya, rubutun ya canza, makubar ta zama ja. Yanzu ya ce sai na ƙara kuɗi, mai buga bana kuma ya ce abin ba zai bugu ba. Na riga na biya rabi. In rabu da shi ne, ko yaya zan rubuta masa ya gane?*

*Wata mai shago, Kano*

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki rabu da shi tukuna. Yana da laifinsa, don mai zanen da ya san aikinsa ba ya fara komai sai ya tambayi awon allo da kuma inda za a buga, shi kuwa ya karɓi hoto ya hau aiki da ka. Amma in kika ɗauki wannan hoton da waɗannan kalmomin kika kai wa wani, abin da za ki sake samu ke nan, sai dai tukunyar ta canza fasali. Na daɗe ina zama a ɗakin buga bana, kuma “ya fito sosai” na cikin maganganun da suka fi jawo mana rigima da masu aiki. A wurinki ma’anarta mai Keke Napep ya iya karanta sunan daga tsallaken titi. A wurin yaro mai zane ma’anarta a sa inuwa, a sa ƙyalli, a canza haruffa. Kalmar ba ta da awo, don haka kowa ya auna ta da mudunsa.

Bari mu fara da maganar mai buga bana, domin ita ce tushen matsalar, kuma gaskiya ya faɗa miki.

Ayyuka biyu ne kika haɗa a baki ɗaya ba tare da kin sani ba. Na farko shi ne a taɓa hoton da kika ɗauka, a nuna miki yadda allon zai kasance in an gyara shi. Wannan na kallo ne kawai, a waya yake rayuwa, a waya yake mutuwa. Na biyu shi ne a sake zana tambarin daga tushe, yadda za a kai shi inji a buga. Na biyun kike bukata, shi kuma ga dukkan alamu na farkon yake ta yi.

Ki ɗauki hular zanna ki riƙe ta nesa, za ki ga zane mai santsi. Ki matso da ita kusa da ido, sai ki ga ashe ɗinki ne ɗaya bayan ɗaya. Haka hoto yake, ɗigo-ɗigo ne da ake kira fiksel, kuma yawansu a ƙidaye yake tun ranar da aka ɗauka. In aka buɗa hoton ya yi girma, ba ƙaruwa ɗigon suke ba, kumbura suke. Ba ki faɗi awon allonki ba, amma mu ɗauka irin wanda aka saba ne, faɗi ƙafa 8, tsayi ƙafa 3, wato inci 96 da inci 36. Idan kika tura hoto ta WhatsApp yadda kowa ke turawa, manhajar takan matse shi har faɗinsa ya dawo kusan ɗigo 1600. Allon kuma ba shi kaɗai ne a hoton ba, akwai ƙofa, akwai rumfa, akwai babur ɗin maƙwabci. Mu ce ya ci rabin faɗin hoton, ɗigo 800 ke nan. Raba 800 gida 96, za ki samu kusan ɗigo 8 a kowane inci. Bana da za a kalla daga bakin ƙofa tana son wajen ɗigo 70 zuwa 100 a inci kafin gefen haruffa ya yi kaifi. Da 8 aka je wa mai inji. In da ya buga, da kin ga sunan shagonki da gefe kamar matattakalar bene.

Zanen da ake kai wa inji ba da ɗigo ake yin sa ba. Masu aikin suna ce masa bekta. Shi fayil ɗin umarni yake ɗauke da shi: ja layi daga nan zuwa can, lanƙwasa shi haka, cika cikinsa da kala kaza. Saboda haka zane ɗaya zai hau sitikar kwalbar humra mai inci 2, ya kuma hau allo mai ƙafa 8, gefensa na nan da kaifinsa. Yawancin masu buga bana a garuruwanmu da manhajar zane ta CorelDRAW suke aiki, fayil ɗinsa kuma yana ƙarewa da CDR. Sauran da ke iya ɗaukar irin wannan zane su ne PDF, SVG, AI da EPS. Duk abin da ya ƙare da JPG ko PNG hoto ne, komai kyansa.

Sai dai akwai wayo a nan, ki kiyaye. Ana iya ɗaukar hoto a cusa shi cikin PDF, sunan ya zama daidai amma cikin bai canza ba. Ganewa ba wuya. Buɗe fayil ɗin a wayarki, ki sa yatsu biyu ki yi ta buɗa shi a kan gefen harafi ɗaya har ya cika fuskar wayar. In bayan ɗan daƙiƙu gefen ya daidaita ya yi kaifi kamar yankan reza, bekta ne. In ya zama hazo ko ƙananan akwatuna, hoto ne aka sa wa riga.

To me ya mayar da kasko tukunya? Zatona abu biyu ne. Allon yana sama da ƙofa, ke kuma kin tsaya kusa kin ɗaga waya. Duk abin da aka ɗauka daga ƙasa haka, tsayinsa yakan gajarce, samansa ya tsuke, ƙasansa ya buɗe. Kasko mai buɗaɗɗen baki da siririyar ƙafa sai ya fito da ƙaramin baki da ƙaton gindi. Ga kuma hazon da matsewar hoto ta jawo. Da yaron ya kasa ganin layukan da kyau, sai ya cike gurbin da tunaninsa, ko kuma ya shiga intanet ya ɗauko zanen wata tukunya ya ɗora. Wannan na biyun shi ne abin tsoro, don gobe za ki iya ganin tambarinki a ƙofar mai sayar da abinci.

Saboda haka kafin ki rubuta masa komai, akwai aikin rabin awa da ke kanki. Ki sa yaron shago ya hau tsani da tef ɗin awo, ya auno faɗin allon da tsayinsa, da faɗin kaskon da tsayinsa, da tsayin harafi ɗaya na sunan. A rubuta da inci. Sannan a sake ɗaukar hoto da safe ko da yamma lokacin da rana ba ta dukan allon, a tsaya daidai tsakiyarsa, a ja baya sosai, in da hali a hau wani abu mai tudu yadda wayar za ta fuskanci allon ba tare da an karkata ta ba. A ɗauki ɗaya na dukan allon, ɗaya kuma na kaskon shi kaɗai daga kan tsani. Wajen turawa a taɓa alamar maƙala fayil a zaɓi Document maimakon Gallery, a nan ne hoton ke tafiya da cikakken nauyinsa.

Ki kuma binciki durowarki. In akwai tsohuwar sitikar kwalba, ko leda, ko katin shago, ko littafin rasit mai ɗauke da tambarin, ya fi hoton allo amfani nesa ba kusa ba. Shi a shimfiɗe yake, rana ba ta ci shi ba, kuma kowane shagon hoto mai na’urar sikana zai ɗauke miki shi tas. In kin san inda aka buga allon farko, ki leƙa ki tambaya. Wasu masu inji ba sa share fayil, shekara da shekaru yana nan a kwamfuta da sunan shago. In aka dace, rabin aikin ya ƙare.

Sai maganar girman suna. “A ƙara girma” ba umarni ba ne sai an ce zuwa nawa, an kuma faɗi abin da zai matsa ya ba shi wuri, don allon ba roba ba ne. Masu yin alluna suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi: kowane inci ɗaya na tsayin harafi yana karantuwa cikin sauƙi daga nisan ƙafa 10. Ki tsaya inda kike son mai wucewa ya fara ganin sunan, ki sa a auna nisan da tef zuwa ƙofar shago. Mu ce ƙafa 80 ne, to harafi mai inci 8 kike nema. In na yanzu inci 5 ne, kin ga dalilin da ya sa ba a ganin sa sai an zo ƙafa 50.

Yanzu mu ga ko zai shiga. Mu ɗauka sunan haruffa 12 ne har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Babban harafi mai kauri da tsayin inci 8 yakan ci wajen inci 6 a faɗi, wani ya ɗara, wani ya gaza. 12 sau 6, inci 72. Dole a bar inci 3 a kowane gefe don kada firam ya cinye rubutu, 6 ke nan, jimla 78. Daga 96 saura 18. In kaskon yanzu faɗinsa inci 18 ne, to ya cinye sauran wurin kaf, ba ko tazarar yatsa tsakaninsa da harafin farko. Mafita ita ce a rage kaskon zuwa inci 14, a bar inci 4 tsakani. Ki lura, lissafin da kansa ya nuna cewa ƙara suna na nufin rage kasko, kuma ke ce ya kamata ki yanke wannan hukuncin. Da kika bar wa yaron, sai ya yanke nasa: ya nemo siraran haruffa da za su shiga wurin, shi ya sa rubutunki ya canza.

Ki kuma gaya masa cewa in zai rage kaskon, faɗi da tsayi su ragu tare. Akwai masu kama zane ta gefe ɗaya su matse, abu mai da’ira ya koma ƙwai.

Kala ita ce wadda na fi son ki natsu a kanta, don a nan ake yawan ɓatawa bayan an riga an kashe kuɗin bugu. Makubar da ke hotonki ba ita ce makubarki ba. Rana ta ci ta shekaru, ƙurar hunturu ta hau ta, wayar kuma ta ƙara nata gyaran haske yadda ta ga dama. Yaron ya ga wani abu tsakanin ruwan hoda da ruwan ƙasa, kin ce a gyara, sai ya yi zaton asalinsa ja ne. In kina son ganin kalar farko, ki sa a ɗaga gefen banar inda aka naɗe ta bayan firam, ko ƙarƙashin ƙarfen da ya danne ta. Wurin bai taɓa ganin rana ba. A yanko ɗan ƙyalle kamar faɗin akwatin ashana, wannan shi ne shaidarki. In babu, ki nemo wani abu da za a riƙe a hannu mai kalar da kike so, ko da guntun yadi ne ko murfin kwalba. Ke da kike tura yaro Kantin Kwari kin san ba a ce masa “sayo makuba”, ƙyalle ake ba shi.

A kwamfuta kowace kala tana da lamba. Makuba mai duhu za ta iya zama kamar `#6B1F2A`, ja zalla kuma `#FF0000`. Ba sai kin haddace ba. Abin da za ki yi shi ne ki ce ya turo miki akwatuna uku na makuba, kowanne da lambarsa a ƙasa, ki zaɓi ɗaya, daga nan lambar ce sunan kalar a tsakaninku. Amma ko wannan bai gama magana ba. Fuskar waya da haske take yin kala, tsarin da ake kira RGB, inji kuwa da tawada huɗu yake haɗawa, wato CMYK. Abin da ke walƙiya a waya yakan fito a dushe a kan bana, kuma inji biyu a layi ɗaya ba lallai su ba da makuba iri ɗaya ba. Maganin wannan ɗaya ne: kafin a buga ƙafa 8, a buga gwaji na ƙafa ɗaya a injin da za a yi aikin, a kan irin ledar da za a yi amfani da ita. Ki fito da shi waje, ki ɗora ƙyallenki a kai. Kada ki duba a cikin ɗakin inji ƙarƙashin farin ƙwan lantarki, allon ba a can zai zauna ba.

Ruwan gwal kuwa, ki sani tun yanzu cewa tawadar nan huɗu ba ta yin ƙyallin zinare. Abin da za ta ba ki shi ne ruwan ɗorawa mai duhu da ya yi kama da gwal daga nesa. In ƙyalli na gaske kike so, sai a yanko kaskon daga sitika mai ruwan gwal a manna a kai, kuma injin yankan ba ya bin komai sai layin bekta. Kin ga wani dalilin ke nan na sake zanen.

Akwai harafi ɗaya a sunanki da zai iya ba ki kunya ranar ɗaura allo. Yawancin salon haruffan da masu zane ke saukewa ba a yi su da Hausa a rai ba, babu Ƙ, babu Ɗ, babu Ɓ a cikinsu. In aka rubuta Ƙ da irin wannan salon, ko dai manhajar ta aro harafin daga wani salon daban, ya fito siriri a tsakiyar masu kauri, ko kuma ta sa fankon akwati a gurbinsa. Na taɓa ganin wannan da idona. An kawo mana aikin bana da daddare, ana sauri, a kwamfutar mai zanen komai daidai, amma tamu ba ta da salon haruffan da ya yi amfani da shi. Ba wanda ya duba. Da safe aka warware bana mai ƙafa 10 a ƙasa, sai ga ɗan akwati a zaune a farkon kalmar “ƙwararru”, sauran haruffan kuma sun koma wani salo. Mai aikin ya tsaya ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba, sannan ya tambaya wa zai biya. Mu muka biya.

Rigakafin abu biyu ne. In salon haruffanki ba shi da Ƙ, mai zanen ya ɗauki K na salon ya zana masa lanƙwasar da hannu, da kauri daidai da sauran. Sannan kafin ya tura wa mai inji ya mayar da duk rubutun ya zama zane, yadda ba ya bukatar a samu salon a wata kwamfutar. A CorelDRAW umarnin shi ne Convert to Curves, ko a danna `Ctrl+Q`. Da zarar an yi haka ba a iya gyara rubutun kamar rubutu, don haka ki karɓi kwafi biyu, wanda aka mayar da wanda ba a mayar ba, saboda ranar da za ki canza lambar waya. Ki kuma tambayi mai inji wane zubin CorelDRAW ne a kwamfutarsa, don tsohon zubi ba ya buɗe fayil ɗin da aka adana da sabo, sai in mai zanen ya zaɓi tsohon wajen adanawa.

Ga yadda zan rubuta da ni ne ke. Ki canza lambobin da naki awon. A rubuce za ki tura, saƙo ɗaya, ba muryoyi bakwai ba, don ba a komawa cikin murya a nemo inci nawa aka ce.

*Assalamu alaikum ƙanena, da fatan kana lafiya, ya aiki? Na gane ban yi maka bayani yadda ya kamata ba tun farko, don haka mu ajiye ukun da suka wuce mu koma kan asalin allon. Abin da nake so shi ne ka sake zana tambarin a matsayin bekta don a buga sabuwar bana, ba gyaran hoto ba. Allon faɗinsa inci 96, tsayinsa inci 36. Na turo hotuna biyu da sitikar kwalba ta Document. Inda suka saɓa, sitikar za ka bi.*

*Abubuwan da ba za a taɓa ba: siffar kaskon, da buɗaɗɗen bakinsa da ƙafarsa, da layukan hayaƙi guda uku, da salon haruffan sunan, da zaman kaskon a hagu. Kada a ƙara inuwa, ko ƙyalli, ko wani ado, kuma kada a ɗauko zane daga intanet.*

*Gyare-gyaren su ne:*

*1. Haruffan sunan su tashi daga inci 5 zuwa inci 8 a tsayi, ba tare da an matse su ba.*

*2. Kaskon ya ragu daga inci 18 zuwa inci 14 a faɗi, tsayinsa ya ragu daidai da haka. A bar inci 4 tsakaninsa da harafin farko, da inci 3 a kowane gefen allo.*

*3. Kalmar ƙarshe ƘAMSHI ce, da Ƙ mai lanƙwasa, kaurinsa daidai da sauran haruffa.*

*4. Bayan allon makuba ne mai duhu, ba ja ba. Ka turo mini kala uku da lambobinsu in zaɓa, zan kuma aiko maka da ƙyalle.*

*5. Layin ƙasa ya zama TURAREN WUTA DA HUMRA, fari, tsayin inci 4. Lambar waya zan turo ta a rubuce a saƙo na gaba, ka kwafa, kada ka sake bugawa da hannu.*

*In wani daga cikin awon nan bai shiga ba, ka gaya mini kafin ka canza komai. Ka fara turo kaskon shi kaɗai, baƙi a kan fari, a PDF, zuwa jibi. In na amince sai ka ci gaba. A ƙarshe ina son CDR guda biyu, ɗaya an mayar da rubutun zane, ɗaya ba a mayar ba, da PDF a CMYK, da PNG marar bango don dandalin sada zumunta. Ka faɗa mini kuɗin wannan aikin gaba ɗaya, har da gyara sau biyu. Cikon kuɗi zai zo ranar da mai inji ya buɗe fayil ya ce ya yi, kuma da biyansa zanen ya zama mallakar shagona. In ka yarda ka amsa mini a rubuce. Na gode, Allah ya yi albarka.*

Sakin layin “ba za a taɓa ba” ya fi duk sauran muhimmanci, kuma shi ne wanda masu shago ba sa rubutawa. Mai zane matashi yana son a ga hannunsa a aiki, duk abin da ba a hana shi ba a wurinsa halal ne. Ki ƙara da wani abu mai sauƙi: buɗe hoton allon a waya, ki zana da’ira da yatsa a kan kowane wurin gyara, ki sa masa lamba daga 1 zuwa 5 daidai da na wasiƙar. Daga nan in ya turo aiki ba za ki ce “bai yi ba”, za ki ce “1, 3 da 5 sun yi, a 2 tazarar ba ta kai ba”. Kuma ki tara duk ƙorafinki ki tura lokaci ɗaya bayan kin kwana da shi, kin nuna wa wanda za ki nuna wa. In kika tura ɗaya da safe, ɗaya bayan la’asar da ƙawarki ta gani, a lissafinsa gyara biyu ke nan, kuma bai yi ƙarya ba.

Batun ƙarin kuɗi, raba shi biyu. Zagaye ukun da ya canza abin da ba ki ce a canza ba, ba ke za ki biya ba, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma sake zana tambari layi bayan layi aiki ne da ya fi taɓa hoto nauyi, in kuma ba a kansa kuka yi ciniki ba, adalci ne ki ƙara masa wani abu, a lissafa da rabin da kika riga kika bayar. Jimlar mallaka da na sa a wasiƙar ba ado ba ce. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, haƙƙin zane yana farawa ne a hannun wanda ya zana sai in an yi yarjejeniya a kan saɓanin haka, kuma miƙa shi ga wani sai a rubuce. Rajistar sunan kasuwanci da kika yi a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, in kin yi, sunan ta shafa, ba ta rufe tambari ba, shi rajistarsa daban ce.

Kaskon baƙi da fari da na ce ya fara turowa, jarrabawa ce. Ba kala da za ta ruɗe ki, ba ado da zai ɓuya a bayansa, siffa ce kawai. Ki ajiye sitikar kwalbar a gefen wayar ki kwatanta baki da baki, ƙafa da ƙafa, ki ƙirga layukan hayaƙin, sannan ki buɗa shi da yatsu ki duba gefen. Da yawa daga yaran nan a waya suke aiki da manhajoji irin su PixelLab, suna kuma fitar da fosta mai kyau, amma abin da ke fitowa daga can hoto ne. In jibi ta yi ya turo PNG, ko ya fara ce miki ai duk ɗaya ne, to ba taurin kai ba ne, kayan aikin ne ba shi da su. A nan sai ki sallame shi cikin mutunci, ki ɗauki wasiƙar nan yadda take, da sitikar da ƙyallen, ki kai ɗakin buga banar da kanki. Kusan kowannensu yana da mai zane a zaune gaban kwamfuta, sai ki ja kujera kusa da shi ki ce ya fara da kaskon.